Mako Shida Kafin Jarrabawar Dabarun Koyarwa: Yadda Ɗalibin NCE Zai Raba Kwanakinsa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwanan ɗalibai a kwalejin ilimi ya san irin takardar nan da ake mannawa a bango idan jarrabawa ta ƙarato. An ja mata layuka da rula, an rubuta ranaku a gefe, kowane gida ɗauke da lambar kwas: Litinin ƙarfe takwas zuwa goma, EDU 113, Talata wani kwas ɗin, haka har mako ya zagayo. Takardar tana da kyan gani, amma ba ta cika wuce kwana goma da rai ba. Matsalarta ita ce ta faɗi lokacin da za a zauna, ba ta faɗi abin da za a yi idan an zauna ba. Sai ɗalibi ya ɗauko handawut ya fara daga shafin farko, ya karanta har barci ya ɗauke shi. Wani makon ya dawo ya tarar abin da ya karanta ya gudu, sai ya sake farawa daga shafin farko. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya iya ma'anar koyarwa kamar sunansa, amma shirin darasi da ke can tsakiyar handawut bai taɓa rubuta ko guda ɗaya da hannunsa ba.

Jadawalin da za mu duba a nan an gina shi ne a kan wani abu dabam. Ba awannin karatu yake ƙirgawa ba, dawowa yake ƙirgawa: sau nawa kowane batu zai sake zuwa gaban ɗalibi, a wace rana, kuma littafi a rufe.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a NCE, saura mako shida ta zauna jarrabawar EDU 113, wato kwas ɗin ƙa'idoji da dabarun koyarwa. A tsarin hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, maki 40 na aikin cikin zango ne, su tes da asamen, maki 60 kuma na jarrabawa. A ce ta riga ta tara 22 cikin arba'in ɗin. Maki 18 kacal take nema ta tsira daga kari-oba, tunda 40 ne matakin ci. Idan B take so sai ta samo 38, idan kuwa A ce sai 48 cikin sittin. Wannan lissafin na minti biyu ne, amma ɗalibai da yawa ba sa yin sa, alhali shi ne zai gaya mata ko gyara take nema ko ceto.

Lissafi na biyu na lokaci ne. Mako shida kwana 42 ne. A cire Juma'o'i shida, saura 36. Ba wannan kwas kaɗai take ɗauka ba, akwai sauran kwasa-kwasan ilimi, ga na fannonin da ta haɗa, ga lakca ba a gama ba, ga aikin gida idan jeka-ka-dawo take yi. Abin da za ta iya ba EDU 113 da gaske bai wuce awa ɗaya da rabi a rana ba: minti 45 bayan sallar Asuba, minti 45 bayan La'asar ko bayan Isha'i. Jimilla awa 54 ke nan. Ya isa, har da rara, muddin ba a ƙarar da shi wajen maimaita karatun shafi ɗaya ba. Wanda ya rubuta wa kansa awa biyar kullum ya rubuta abin da ba zai cika ba, kuma ranar da ya fara saɓawa ita ce ranar da zai daina kallon takardar.

Ranar farko ba ta karatu ba ce

Asabar ɗin farko ba za ta buɗe handawut ba. Abu biyu za ta nemo: jerin batutuwan da malamin kwas ya bayar a farkon zango, da tsofaffin takardun jarrabawa na shekara huɗu ko biyar, daga 'yan aji biyu ko wajen masu fotokwafi na bakin kwaleji. Sai ta yanka kwas ɗin gida-gida. Irin wannan kwas yakan fita kamar batu goma sha biyu: ma'anar koyo da koyarwa, ƙa'idojin koyarwa, bambancin manhaja da silabas da tsarin aikin zango, manufofin darasi, shirin darasi, hanyoyin da malami ke jan ragama irin lakca da nunawa a aikace, hanyoyin da yara ke jan ragama irin tattaunawa da ganowa da kai da koyo ta wasa, dabarun tambaya, kayan koyarwa, sarrafa aji, auna fahimta, da siffofin malami nagari.

Gaban kowane batu ta yi alama biyu. Ta farko, sau nawa ya fito a tsofaffin takardun. Ta biyu, ta ba kanta minti uku ta rubuta duk abin da ta sani a kansa da ka, ta ga layi nawa ya fito. Batun da ya yawaita fitowa kuma takardarsa ta tashi fara fat, shi ne na makon farko. Yawanci manufofin darasi da shirin darasi su ke faɗawa wannan gidan, domin malaman dabarun koyarwa ba sa gajiya da tambayarsu. Siffofin malami nagari kuwa, wanda kowa zai iya cika shafi da shi, ya jira mako na uku.

Dalilin dawowa

Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya gano mantuwa ba ta tafiya daidai wa daida: mafi yawan asarar a yinin farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Darasin da aka fahimta ya fi gaɓoɓin banza daɗewa a ka, wannan gaskiya ne, amma siffar mantuwar ba ta canzawa, farkonta ne mai gudu.

Gwajin da ya fi shafar ɗalibarmu shi ne na Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006, a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna karanta shi. Wasu suka yi zama ɗaya na karatu, sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai reshe ya juye: masu maimaita karatu sun tuna kusan kashi 40 cikin ɗari, masu rubutawa da ka kusan kashi 61. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne masu maimaita karatun su suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. Maimaita karatu yana sa shafi ya zama sananne ga ido, sai mutum ya ɗauka ya iya, alhali gane abu idan an gan shi dabam, fito da shi daga ka a zauren jarrabawa dabam.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Mai haddar Alƙur'ani ba ya ɗaukar sabon karatu ya watsar da na baya. Yana da ƙarin yau, yana da tilawar na jiya da na makon jiya, kuma ba a cewa ya riƙe sai ya kawo da ka a gaban malam. Abin mamaki ne yadda yaron da ya tashi da wannan tsari yake ajiye shi a ƙofar kwaleji ya koma ja wa handawut layi da jan biro.

To ga ƙa'idar jadawalin. Kowane batu, bayan ranar da aka fara karanta shi, zai dawo sau uku: washegari na minti goma, bayan mako guda na minti ashirin, bayan mako uku kuma a matsayin cikakkiyar tambayar jarrabawa. Zaman safe na sabon batu ne, zaman yamma na dawowa ne. A makonni ukun farko, kwana huɗu na sabon batu, huɗu sau uku goma sha biyu, an gama kwas ke nan tun rabin lokaci. Alhamis ta gwaji ce. Asabar ɗin mako na biyu da na uku na rubuta shirin darasi ne.

Batu ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

Mu bi manufofin darasi mu gani. Lahadin makon farko da safe ta karanta shi, minti talatin. Za ta haɗu da rabe-raben da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, matakai shida na aikin ƙwaƙwalwa: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, ƙwanƙwancewa, harhaɗawa, da yanke hukunci. Za ta ga an sake fasalinsu a 2001, inda ƙirƙira ta koma can sama. Ta duba wanne malaminta ya koyar, ta riƙe shi, ta san ɗayan yana nan. Za ta kuma haɗu da sharuɗɗa ukun da Robert Mager ya shimfiɗa a 1962 na manufa mai kyau: aikin da yaro zai yi wanda ido zai gani, yanayin da zai yi shi, da mizanin da za a ce ya iya. Minti goma sha biyar ɗin ƙarshe ta rufe handawut ta rubuta abin da ta riƙe a farar takarda, sannan ta buɗe ta cike giɓin da jan biro. Wannan takarda mai ja ita ce dukiyarta, kada ta yar.

Litinin da yamma, minti goma: matakan Bloom shida da sharuɗɗan Mager uku, da ka. Idan ta kawo huɗu cikin shida, ba laifi, ta duba biyun da suka ɓace.

Lahadin mako na biyu, minti ashirin, ba lissafo matakai za ta yi ba, aiki za ta yi da su. Ta rubuta wa kanta manufa mara kyau, irin wadda sababbin malamai ke rubutawa: "A ƙarshen darasi yara za su fahimci rabe-raben abinci." Sai ta tambayi kanta, ta yaya mai duba aiki da ke zaune a bayan aji zai ga fahimta? Ba a ganinta. Babu adadi, babu yanayi. Sai ta gyara: "A ƙarshen darasi, idan aka nuna musu hotunan abinci goma, yaran aji huɗu na firamare za su iya ware aƙalla takwas zuwa masu gina jiki, masu ba da kuzari da masu kare jiki." Yanzu ga aikin, warewa. Ga yanayin, hotuna goma. Ga mizanin, takwas. Ta kuma tambayi kanta a wane matakin Bloom wannan manufa ta faɗa, ta rubuta wata a matakin da ke ƙasa, inda yaro zai lissafo kawai. Wanda ya yi wannan sau uku a kan darussa dabam-dabam ya fi wanda ya haddace ma'anar manufa daga marubuta biyar.

Lahadin mako na huɗu ta ɗauko tsohuwar tambaya a kan batun, ta saita agogon waya minti 25, ta amsa kamar a zaure, cikin Turanci. Wannan na ƙarshe a kula da shi. Ɗalibai da yawa suna tattauna darasi da Hausa har su gamsu sun gane, kuma sun gane ɗin. Amma takarda da Turanci take zuwa, da shi za a amsa. Fahimta a yi ta da harshen da ya fi sauƙi, rubutun gwaji kuwa a yi shi da harshen jarrabawa tun daga makon farko, domin hannu ya saba da kalmomin fannin da yadda ake rubuta su.

Haka kowane batu zai bi. Na makon farko suna samun babbar dawowarsu a mako na huɗu, na mako na biyu a na biyar, na mako na uku a na shida. Nan ne hikimar sa masu wuya a gaba take fitowa: idan an gwada su a mako na huɗu aka ga da saura, akwai mako biyu na gyara.

Shirin darasi, inda maki yake

Jarrabawar dabarun koyarwa ta bambanta da ta tarihin ilimi. A can ana tambayar abin da ya faru, a nan sau da yawa ana cewa ka yi. Ka tsara darasi na minti 35 ko 40 a fanninka, ka zaɓi hanyar koyarwa ka kare zaɓinka, ka faɗi yadda za ka yi da aji mai yara tamanin ba kayan aiki. Saboda haka daga mako na huɗu, da zaman safe ya zama babu sabon batu, rabinsa na rubuta shirin darasi ne. Zuwa ranar jarrabawa ya kamata ɗalibarmu ta rubuta cikakku kamar shida, a darussa dabam da azuzuwa dabam, na ƙarshe cikin minti ashirin ba tare da duba samfuri ba.

Sassan ba sa wahalar haddacewa: aji, darasi, batu, tsawon lokaci, manufofi, abin da yara suka riga suka sani, kayan koyarwa, gabatarwa, matakan koyarwa, auna fahimta, kammalawa da aikin gida. Inda ake zubar da maki shi ne sassan su ƙi magana da juna. Manufa ta ce yara za su ware abinci gida uku, amma a wajen auna fahimta sai a ga an tambaye su ma'anar abinci. An rubuta hotuna a kayan koyarwa, amma babu matakin da aka ɗaga hoton ko sau ɗaya. An ce hanyar tattaunawa za a bi, amma duk matakan malami ne ke bayani. Idan ta gama kowane shiri ta ɗora yatsa a kan manufa ta farko, ta nemo matakin da ya koyar da ita, ta nemo tambayar da ta auna ta. Idan ɗaya ya ɓace, shirin bai gamu ba. Wannan aikin ba na jarrabawa kaɗai ba ne, shi za ta tarar ranar da aka tura ta koyarwar gwaji a aji uku.

Sauran rabin safiyoyin na gauraya tambayoyi ne. Maimakon yini guda na hanyar lakca, wani na hanyar nunawa, ta haɗa su: ga darasin alwala ga 'yan aji ɗaya, wace hanya ta dace, me ya sa ba lakca ba? Ga tarihin masarautar garinsu ga 'yan ƙaramar sakandare, ziyara ko tattaunawa? Tambayoyin da ke cewa a bambanta ko a kwatanta, da irin wannan atisaye ake cin su.

Asabar ɗin mako na biyar ta haɗe zaman safe da na yamma ta ƙara rabin awa, ta zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji da takardar da ta ɓoye tun ranar farko ba ta duba ba. A ce awa biyu ce, tambaya huɗu, kowacce maki 15. Minti goma na karanta takarda da zaɓe, minti 25 ga kowace tambaya, minti goma na dubawa. Kusan kowa a gwajin farko yakan ba tambayar da ya fi so minti arba'in, ta huɗu kuma ta tashi da layi uku. Gara a gano wannan a ɗaki. Makin farko na kowace tambaya sun fi na ƙarshenta sauƙin samu, don haka shafi na uku a kan tambayar da aka riga aka ci ba zai biya asarar wadda aka bari ba. Ta ba wata ƙawa ko wani ɗan aji biyu ya duba mata da handawut a hannu, domin mutum yakan yi wa kansa rangwame.

Idan jadawali ya karye

Zai karye. Za a yi biki, ko zazzaɓi, ko wani malami ya sa tes ba shiri, ko a kwana uku ba wuta. Abin da ya dace a sani tun farko shi ne me za a sadaukar. Idan zama ɗaya kaɗai ya samu a rana, a yi na dawowa, a ɗage sabon batu. Ɗalibai sukan yi akasin haka domin sabon batu yana sa mutum ya ji yana ci gaba, amma batun da aka karanta aka hana shi dawowar washegari, kusan aikin banza aka yi. Yammacin Juma'a da aka bari fili shi ne wurin biyan bashi. Idan bashin ya wuce kwana uku, kada a yi ƙoƙarin cusa shi, a haɗe batutuwa biyu masu sauƙi na mako na uku a zama ɗaya.

Gwajin Alhamis shi ne ke faɗin gaskiya. Tambaya ɗaya gajera daga kowane batun da aka taɓa zuwa ranar, a amsa da ka, a ba kai maki. Batun da aka kawo ƙasa da rabinsa ba zai jira mako ba, ya dawo bayan kwana biyu. Wanda aka kawo cif sau biyu a jere, a rage masa lokaci a ba wani. Alamar da ta fi kowace haɗari ita ce ɗaliba ta buɗe handawut ta ce "ai na san wannan" ta wuce. Idan ta san shi, ta rufe ta rubuta.

Karatun rukuni yana da amfani ɗaya tak a wannan kwas, kuma babba ne: mutum uku ko huɗu, kowa ya tashi ya koyar da batu na minti biyar, sauran su yi masa tambaya. Da ya wuce mutum huɗu, ko aka rasa mai riƙe agogo, ya zama hira. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Mako na shida ba a shigo da sabon abu. Batutuwan mako na uku su samu dawowarsu ta ƙarshe, a sake rubuta amsar tambayar da ta fi ba da kunya a gwajin Asabar, a bi takardun nan masu jan biro, waɗanda zuwa yanzu sun zama taƙaitaccen kwas ɗin da ya dace da raunin mai su. Idan a mako ɗaya jarrabawar ta faɗo da wasu kwasa-kwasan, zaman yamma ya koma nasu, minti 45 na safe ya ishi EDU 113. Daren jarrabawa kuma ba na kwanan aji ba ne. Barci yana cikin abin da ke zaunar da karatu a ka, kuma tambayar da ke neman a tsara darasi tana buƙatar kai a sake fiye da yadda take buƙatar ƙarin shafi biyu. Ta duba lokaci da zauren a allon sanarwa da idonta, ba a bakin ƙawa ba, ta ajiye katin jarrabawa da biro biyu da rula, domin wasu malaman a tebur mai layuka suke son shirin darasi.